Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malamai Masu Koyar da Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Ya ku malamai, abokan aikina, assalamu alaikum.

Na rubuto muku ne kan darasi guda ɗaya da kusan kowannenmu yake koyarwa, wanda kuma yawancinmu muke koyar da shi a gurguje. Darasin shi ne na kuskuren nan da mutum kan yi idan ya ga wani ya aikata wani abu: nan take sai ya ce ai halinsa ne, ya manta da yanayin da ya kewaye mai aikin da matsin da ke kansa. A shekarar 1977 Lee Ross na Jami'ar Stanford ya kira shi kuskure na tushe wajen danganta dalili, sunan kuma ya bi shi har yau. Bayan mun bayyana wannan, sai mu ja layi a tsakiyar allo. A ɓangare ɗaya mu rubuta cewa mutanen Yamma suna ɗora komai kan hali, a ɗaya ɓangaren mu rubuta cewa mutanen Gabas suna duba yanayi. Ɗalibai su kwafe, su haddace, su dawo mana da shi ranar jarrabawa, mu ba su maki.

Roƙona shi ne mu goge wannan layi. Bambancin al'adu a wannan fage gaskiya ne, ban zo musanta shi ba. Amma yadda muke zana shi ya saɓa wa abin da binciken ya nuna, yana kuma barin ɗalibi da wani tunani mai cutarwa, wato cewa akwai al'ummar da ta kuɓuta daga wannan kuskure. Ɗalibin da ba Ba'amurke ba ne, ba kuma ɗan gabashin Asiya ba ne, idan ya dubi allon nan zai zaɓi gefen da ya fi daɗi ya ce nan ne gidansu. Daga ranar ya daina zargin kansa.

Mu koma kan gwajin da aka gina darasin a kansa. A 1967 Edward Jones da Victor Harris sun ba ɗalibai a Amurka wani rubutu kan Fidel Castro, shugaban Kuba, a lokacin da kusan babu mai son sa a ƙasar. Wasu sun karanta rubutun da ke goyon bayansa, wasu wanda ke sukarsa. An gaya wa rabinsu cewa marubucin shi ya zaɓi gefen da zai kare, sauran rabin kuma aka ce musu malami ne ya ɗora masa. Daga nan aka nemi su kimanta ainihin ra'ayin marubucin a ma'aunin da ya tashi daga 10 zuwa 70. Inda aka ce zaɓinsa ne, mai goyon baya ya samu kusan 60, mai suka kusan 17. Wannan daidai ne. Inda aka ce tilasta masa aka yi, mai goyon baya ya samu kusan 44, mai suka kusan 23.

Ku tsaya kan waɗannan lambobi tare da ɗalibanku, domin darasin duka yana cikinsu. Tazarar da ke tsakanin marubutan biyu ta faɗo daga 42 da ɗoriya zuwa kusan 21. Ashe masu karatun sun ji bayanin tilas ɗin, sun ma yi aiki da shi, sun rage hukuncinsu da rabi. Abin da suka kasa shi ne kai ragin har ƙarshe. Tunda malami ne ya raba gefen, rubutun bai isa ya zama shaida kan abin da ke zuciyar marubucin ba, ya kamata tazarar ta kusan ɓacewa. Saboda haka matsalar ta gyara ce da ke tsayawa a rabin hanya. Idan muka gaya wa ɗalibi cewa mutane ba sa ganin yanayi kwata-kwata, zai duba kansa ya ga shi yana gani, sai ya wanke kansa. Idan muka gaya masa cewa mutane suna gani amma ragin da suke yi ba ya isa, ba shi da wurin ɓuya.

Daniel Gilbert da abokan aikinsa sun nuna a 1988 dalilin da ya sa gyaran yake tsayawa. Sun nuna wa mutane bidiyon wata mata ba tare da sauti ba, tana ta nuna alamun damuwa da rashin natsuwa. A ƙasan hoton ana rubuta batun da ake cewa tana magana a kai. Ga wasu masu kallo batutuwan masu tayar da hankali ne, kamar sirrin da take ɓoyewa ko kunyar da ta taɓa sha a bainar jama'a, ga wasu kuma batutuwa ne masu sauƙi kamar tafiyar hutu. Waɗanda aka bar su suka kalla hankali kwance sun yi mata rangwame idan batun mai nauyi ne, sun ce kowa ma zai damu. Waɗanda aka ɗora wa aikin haddace batutuwan yayin da suke kallo ba su yi rangwamen ba, sun ce mace ce mai fargaba a ɗabi'arta, duk da cewa batutuwan nan su ne suke ta maimaitawa a ransu. Ɗora aiki kan hali yana zuwa da kansa, cikin sauri. Cire abin da yanayi ya haifar shi ne ke buƙatar ƙoƙari, kuma shi ne ke fara lalacewa idan kai ya ɗauki zafi.

Yanzu ga inda al'ada ta shigo, kuma nan ne allonmu ya karkace. An maimaita gwajin rubutun nan da ɗalibai a Koriya da Japan da wasu wurare na gabashin Asiya, su ma kuma sun faɗa ramin. A 1998 Incheol Choi da Richard Nisbett sun ba ɗaliban Koriya da na Amurka rubutu kan hukuncin kisa, suka ce musu an tilasta wa marubucin gefen da ya kare. Dukkan ɓangarorin biyu sun ɗauka rubutun yana nuna ra'ayinsa. Da bambancin da muke zanawa a allo haka yake, da tun nan ya bayyana. Sai masu binciken suka ƙara wani mataki. Kafin ɗalibi ya yi hukunci, suka sa shi da kansa ya rubuta irin wannan rubutun kan gefen da aka zaɓa masa, har wasu aka miƙa musu jerin hujjojin da za su yi amfani da su, aka kuma ce musu wancan marubucin ma haka aka yi masa. A nan hanya ta rabu. Hukuncin ɗaliban Koriya ya yi ta sauka gwargwadon yadda tilas ɗin ta fito fili. Na ɗaliban Amurka bai motsa a zo a gani ba, alhali yanzun nan suka gama rubuta abin da ba su yarda da shi ba da hannunsu.

Yuri Miyamoto da Shinobu Kitayama sun biyo da wani salo a 2002. Idan rubutun da aka tilasta dogo ne mai gamsarwa, Japanawa da Amurkawa duka sukan ce ra'ayin marubucin ne. Idan gajere ne marar ƙarfi, kamar na wanda aka sa dole yana yi yana ja da baya, Japanawa sun karanci alamar sun janye hukunci, Amurkawa sun ci gaba da yi. Abin da ya kamata mu rubuta a allo ke nan: matakin farko na ɗora aiki kan hali kowa na yin sa, bambancin yana wajen saurin gyara da yawansa idan alamar yanayi ta fito. Jimlar ta fi tsohuwar tsawo, ba ta da daɗin haddacewa, amma ita ce ta dace da shaidar da ke hannu.

Akwai wani rikici na biyu da muke jefa ɗalibai ciki, kuma shi ya fi damuna. Muna haɗa gwaje-gwaje iri biyu a kwando ɗaya. A gwajin rubutu, mai bincike ya san gaskiya, domin shi ya raba gefen, saboda haka yana da damar cewa wane ya yi kuskure. A shahararrun binciken al'adu kuwa babu wanda ya riƙe amsar daidai. Abin da aka auna shi ne salon bayani.

Ku ɗauki aikin Joan Miller na 1984. Ta tattauna da mutane a birnin Chicago na Amurka da mabiya addinin Hindu a birnin Mysore na Indiya, yara masu shekara 8 da 11 da 15 da kuma manya. Ta nemi kowa ya ba da labarin wasu abubuwa masu kyau da wasu marasa kyau da wanda ya sani ya aikata, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya aikata. Yara masu shekara 8 na ƙasashen biyu bayaninsu kusan iri ɗaya ne. Da shekaru suka ƙaru sai tazara ta buɗe, har ta kai manyan Amurkawa suna ambaton hali fiye da ninki biyu na yadda manyan Indiyawa suke yi wajen bayanin munanan ayyuka, su kuma Indiyawan suna ƙara ambaton matsayi da nauyin da ke wuyan mutum da dangantakarsa da wasu. Wannan sakamako ne mai daraja, domin ya nuna salon bayani abu ne da ake koya yayin girma.

Akwai labari guda a cikin aikin nata da nake so kowane malami ya karanta wa ajinsa. Wani mutumin Indiya ne ya ba da shi. Wani lauya ya goyo wani a babur yana hanyarsa ta zuwa kotu, tayar baya ta fashe, na bayan ya faɗi ya bugu a ka. Lauyan ya kai shi wani asibiti na kusa, bai tsaya ya ji daga likita yadda raunin ya kai ba, ya wuce kotu ya yi aikinsa. Daga baya mutumin ya rasu. Da aka tambayi mai ba da labarin dalilin da ya sa lauyan ya tafi, sai ya ce akwai haƙƙin wanda yake karewa a kotu a wuyansa, wataƙila kuma ya ruɗe, wataƙila ma raunin bai nuna tsananinsa a ido ba. Da Miller ta ba Amurkawa wannan labarin, an samu masu cewa mutum ne marar ɗaukar nauyi, ko mai tsananin son ci gaban aikinsa.

To, wa ya yi kuskure a cikinsu? Ba mu san lauyan ba. Mai yiwuwa ne ya saba watsar da mutane, mai yiwuwa ne kuma ranar ce kaɗai ya taɓa yin haka. Labarin bai isa ya raba gardamar ba. Sannan ku lura da abin da littattafai da yawa suke tsallakewa: mutumin Indiyan ya kawo labarin ne a matsayin misalin mummunan aiki, ya kuma ce a ganinsa lauyan ya yi ba daidai ba. Ya bayyana aikin ta fuskar yanayi, bai kuma wanke mai aikin ba. Ɗalibanmu da yawa suna fita daga aji da zaton cewa duba yanayi daidai yake da yafe laifi, shi ya sa masu zafin kishin gaskiya a cikinsu suke ƙin darasin baki ɗaya. Wannan labarin shi kaɗai ya isa ya warware musu.

Haka abin yake da binciken Michael Morris da Kaiping Peng na 1994. A watan Nuwamba na 1991 an yi kashe-kashe biyu a Amurka, mako biyu tsakani. Gang Lu, ɗan ƙasar Sin da ya yi karatun kimiyyar fiziks a Jami'ar Iowa, ya harbe malaminsa da wasu mutane bayan ya rasa wata lambar yabo, sannan ya kashe kansa. Thomas McIlvane, Ba'amurke ma'aikacin gidan waya da aka kora daga aiki a Royal Oak ta jihar Michigan, shi ma ya koma wurin aikin ya buɗe wuta. Morris da Peng sun kwatanta yadda jaridar New York Times da jaridar World Journal mai fitowa da harshen Sinanci suka ba da labaran biyu. Ta Turancin ta fi karkata ga zafin rai da muguwar ɗabi'a da matsalar ƙwaƙwalwa. Ta Sinancin ta fi ambaton rashin jituwa da malami ko shugaban aiki, da kishi tsakanin ɗalibai, da kaɗaici, da sauƙin samun bindiga. Kowace jarida ta riƙe salonta ga mutanen biyu, ba tare da la'akari da ƙasar da mai laifin ya fito ba.

Mun saba gabatar da wannan kamar jaridar Sinancin ce ta ci jarrabawa. Amma ɗalibai nawa ne suka rasa lambar yabo, suka saɓa da malamansu, suke zaune a ƙasar da bindiga ke da sauƙin samu, ba su harbi kowa ba? Bayanin yanayi shi kaɗai bai isa ya fayyace abin da Gang Lu ya yi ba, kamar yadda bayanin hali shi kaɗai bai isa ba. Mai cewa hali zanen dutse yana da hujjarsa a wasu lokuta, kuma malamin da ya koya wa ɗalibi cewa ambaton hali koyaushe kuskure ne ya sauya masa wani kuskure da wani.

Ko kalmar yanayi da muke rubutawa a gefen Gabas tana buƙatar dubawa. A 1999 Tanya Menon da abokan aikinta sun duba yadda New York Times da jaridar Japan Asahi Shimbun suka ba da labarin badaƙalar ma'aikatan banki da suka yi cinikin ɓoye har suka jawo asara mai yawa, ciki har da na bankin Barings da na Daiwa a 1995. Jaridar Amurka ta fi ambaton mutumin, ta Japan ta fi ambaton kamfanin. Wato a wasu lokuta ana ɗora aikin ne kan halin ƙungiya maimakon halin mutum ɗaya. Shi ma ɗora wa hali ne, kuma yana iya zama zalunci idan aka shafa wa iyali ko jama'a guda laifin mutum ɗaya.

Sai batun su wa aka gwada. Jeffrey Arnett ya ƙidaya a 2008 cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda ke ɗauke da kusan kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya, kuma kashi 68 daga Amurka kaɗai. Gefen da muke kira Gabas kuwa yawancinsa ɗaliban jami'a ne na 'yan ƙasashe kaɗan. A cikin ƙasa ɗaya ma salon yana sauyawa da matsayin tattalin arziki da addini: an samu cewa masu ƙaramin ƙarfi sun fi ambaton yanayi fiye da masu dukiya, kuma a Amurka mabiya ɗarikar Furotesta sun fi Katolika karkata ga abin da ke cikin mutum. A Hong Kong an nuna wa ɗalibai hotunan alamomin Amurka ko na Sin kafin a yi musu tambaya, bayaninsu ya karkata zuwa gefen hoton da suka gani. Mutum ɗaya yana iya ɗauke da salo biyu. Layin da ke tsakiyar allo ba shi da wurin ajiye duk wannan.

Abin da nake ba da shawara a maimakonsa ba ya cin fiye da rabin sa'a. Ku maimaita gwajin da Ross da Teresa Amabile da Julia Steinmetz suka yi a 1977, kafin ku faɗa wa aji sunan darasin. Ku fito da ɗalibai biyu, a yi ƙuri'a a gaban kowa don a san mai tambaya da mai amsa. Mai tambaya ya tsara tambayoyi 10 masu wuya daga abin da shi ya sani, ko tarihi ne ko wasanni ko duk abin da ya ƙware a kai. Mai amsa zai yi ta faɗuwa. A gwajin asali kusan 4 cikin 10 ake ci. Daga nan kowa ya rubuta a takarda, ba tare da suna ba, yadda yake kimanta faɗin ilimin kowanne daga cikin biyun. A Stanford masu kallo sun ɗaga mai tambaya sama sosai, har masu amsa ma sun ƙasƙantar da kansu a gabansa, alhali kowa ya ga ƙuri'ar, kowa kuma ya san da an juya kujerun da labarin ya juya.

Ku tattara takardun ku rubuta matsakaicin makin a allo. Idan tazara ta fito, ɗalibai sun ga kuskuren da rubutun hannunsu, a yanayin da ake da tabbacin kuskure ne. Daga nan sai ku bi sawun Choi da Nisbett: ku raba ajin biyu-biyu, kowa ya ɗanɗana kujerar mai amsa, sannan ku kawo wasu sababbin biyu a sake kimantawa. Nawa tazarar ta ragu? Amsar ajinku ce, ba ta wani littafi ba, kuma ta fi amfani ga ɗaliban da ke gabanku fiye da zaɓen gefe a allo. Ku yi hattara da abu biyu. Idan kun riga kun faɗi abin da ake nema, za su ba ku amsar da kuke so. Sannan aji ɗaya ba al'umma ba ce, kada a fita ana cewa an gano halin wata ƙasa.

A jarrabawa kuma, ku daina tambayar wace al'ada ce ke ɗora wa hali. Ku ba ɗalibi labarin lauyan nan, ku ce ya faɗi bayanan da yake buƙata kafin ya yanke hukunci. Tambayoyin da Harold Kelley ya tsara tun 1967 suna nan da amfaninsu. Wasu mutane da aka saka a irin wannan matsi, me suka yi? Shi lauyan, haka yake yi a wasu wuraren da babu kotu a gabansa? Ya taɓa yin irin wannan a baya? Idan yawancin mutane za su tsaya a asibitin, shi kuma an san shi da barin mutane a ko'ina, a nan ambaton hali ya halatta. Idan da yawa za su yi abin da ya yi, kuma ba a san shi da haka ba, nauyin ya koma kan yanayi. Idan kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai, ɗalibin da ya rubuta cewa shaidar ba ta isa ba shi ya cancanci cikakken maki, kuma ina roƙon ku gyara takardar makinku tun kafin zangon karatu mai zuwa domin ta karɓi wannan amsar.

Naku cikin girmamawa,
Wani abokin aikinku a koyarwa